Mitar pH ta ba ni silof 90%, ilektirod ne ya mutu?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara kafin in rubuta takardar neman kuɗin sabon ilektirod. Mitarmu ta pH irin ta kan tebur ce, ruwan burtsatse muke gwadawa da ita. Yau da safe na saita ta da bafa 7 da bafa 10, wato ruwan saiti da aka san pH ɗinsu, sai ta rubuto silof 90.4%, wato ƙarfin amsar ilektirod idan aka kwatanta da na marar aibi, alhali littafinta ya ce kada ya gaza 95%. Na maimaita sau biyu, bai canza ba. Ilektirod ɗin irin wanda ake ƙara wa ruwa ne, watansa takwas a hannunmu. Shi ke nan ya gama aiki?

Bashir: Wa alaikumus salam. Ƙasa da 95 ai babu wata magana, ya mutu. Ilektirod mai lafiya 59.16 mV yake bayarwa a kan kowane pH ɗaya, naka ya yi nisa da haka. Rubuta takardarka kawai.

Malam Sani: Bashir, dakata tukuna, kada a yi wa mai rai jana'iza. Wannan 90.4% ɗin ba hukunci ba ne a kan ilektirod shi kaɗai. Mita ba ta san abin da ke cikin kwalba ba. Ka tsoma mata ilektirod ka ce wannan 10 ne, sai ta yarda, ta yi lissafinta a kan maganarka. Idan bafar ba 10 ba ce, lissafin zai fito a karkace, kuma ilektirod ne zai sha zagin.

Aminu, bar maɓallin saiti na CAL ɗin nan. Juya mitar zuwa mV. Ka zuba bafa 7, da 4, da 10 a ƙananan bika uku, ka bar su a kan tebur kusa da juna kamar minti 20 don zafinsu ya zo ɗaya. Ka tsoma ilektirod a kowace, kana ɗauraye shi tsakani, ka jira lambar ta tsaya. Ka kawo mana lambobin uku, da zafin da mitar ta nuna, da ranar da aka buɗe kowace kwalba.

Aminu: To Malam, ga su. Zafi 30 °C. A bafa 7 ya ba ni −9 mV. A bafa 4 ya ba ni +166 mV. A bafa 10 kuma −171 mV. Ta 7 da ta 4 sababbi ne, watan jiya aka buɗe su. Ta 10 ba a rubuta rana a jikinta ba, amma ta haura wata huɗu, saura kamar rubu'in kwalba.

Malam Sani: Madalla, lambobin nan sun riga sun yi magana. Mu bi su a hankali.

Da farko 59.16 ɗin da Bashir ya kawo gaskiya ne, amma a 25 °C kaɗai. Silof yana tafiya da zafi, kowane digiri ɗaya yana ƙara masa kusan 0.2 mV. A 30 °C cikakken silof 60.15 ne, a 35 °C kuma 61.14. Da 60.15 za mu auna naka.

Na biyu, su kansu bafofin suna motsawa da zafi, shi ya sa ake buga ɗan jadawali a jikin kwalba. A 30 °C bafa 7 tana zama 6.99, ta 4.01 kusan tana nan inda take, ta 10.01 kuma tana sauka zuwa 9.97. Ke nan tazarar da ke tsakanin 7 da 4 ita ce 2.98, tsakanin 7 da 10 ma 2.98. Lissafin ga shi:

```
(166 − (−9)) / 2.98 = 58.7 mV/pH    58.7 / 60.15 = 97.6%
(−9 − (−171)) / 2.98 = 54.4 mV/pH   54.4 / 60.15 = 90.4%
```

Ka ga na ƙasan ya yi daidai da abin da mitarka ta rubuto. Amma dubi na saman. Ilektirod ɗaya, rana ɗaya, a ɓangaren asid yana ba da 97.6%. Ilektirod ɗin da gilashinsa ya gaji ba ya zaɓar ɓangare haka, yawanci ko'ina silof ɗinsa yake faɗuwa. Ni bafarka ta 10 nake tuhuma. Idan muka yarda da 58.7, to 162 mV ɗin da ya bayar tsakanin 7 da 10 daidai yake da pH 2.76. Haɗa shi da 6.99, ka sami 9.75. Abin da ke cikin kwalbar nan da ka ce wa mita 10 ne, a gaskiya ya fi kusa da 9.75.

Hajiya Binta: Ina bayan Malam Sani. Bafa 10 da kabonet ake haɗa ta, kuma tana shan iskar CO2 duk lokacin da aka buɗe murfi. Wannan iskar asid ce idan ta narke a ruwa, sai ta riƙa jan pH ɗin ƙasa a hankali. Kwalbar da saura rubu'i ta fi muni, domin kashi uku cikin huɗu na cikinta iska ce, kuma kowane buɗewa sabuwar iska ake ɗura mata. Ba ta canza launi, ba ta wari, ba abin da ido zai gani. Ta 4 ita tana da kirki, idan ta lalace sau da yawa za ka ga fumfuna tana yawo a ciki kamar zaren auduga. Ta 10 a ɓoye take mutuwa. A rubuta ranar buɗewa a jikinta, a sayi ƙaramar kwalba, in ta yi wata guda a buɗe a daina dogara da ita. Ranar ƙarewar aiki da kamfani ya buga ta kwalbar da ba a buɗe ba ce.

Bashir: Na karɓi gyara a kan 59.16. Amma in haka ne ai abin da sauƙi, ya riƙa saitawa da 7 da 4 kawai tunda su ne ba sa ba da matsala, ya manta da 10.

Hajiya Binta: A'a Bashir, wannan gudun matsala ne. Ana zaɓar bafofi biyu ne yadda samfurin zai faɗo a tsakaninsu. Mai gwada zoɓo ko nono ko ruwan lemo, 7 da 4 ne nasa. Aminu ruwan sha yake gwadawa, iyakar da aka yarda da ita daga 6.5 zuwa 8.5 ce, rabin aikinsa yana sama da 7. Idan ya saita da 7 da 4 ya je yana karanta 8.3, mitar ta miƙa layin ne zuwa inda ba a taɓa gwada shi ba.

Malam Sani: Kuma ga abin da saitin na safiyar yau zai jawo, don a ga cewa ba maganar kashi cikin ɗari ba ce kawai. A ce ruwan da aka kawo ainihin pH ɗinsa 8.40 ne. Ya ɗara 6.99 da 1.41, ilektirod zai motsa 1.41 sau 58.7, wato kusan 82.8 mV. Ita kuwa mitar an koya mata cewa kowane pH 54.4 ne, sai ta raba 82.8 da 54.4 ta sami 1.52, ta rubuto 8.51. Ruwan da ya ci jarrabawa an kayar da shi. A kusa da 7 ba za ka ga komai ba, kuskuren yana girma ne gwargwadon nisanka daga 7. Aminu, duk samfurin da ka gwada yau bayan wannan saitin, in ya haura 7.5 ka sake shi.

Ɗan Kura: Salam. Ni ma tawa haka take yi. Irin mai kamar biro ce, ina auna ruwan rijiyar da nake ban ruwan tumatir. Jiya ta nuna 412, yau 450. Ita ma bafar ce?

Bashir: Ɗan Kura, duba allon da kyau, in ka ga ppm a gefe to taka ba ta pH ba ce, gishirin da ya narke a ruwa take aunawa. pH ba ya kai ɗari huɗu. Ita da nata ruwan saitin daban.

Ɗan Kura: Ashe! Ppm ne kuwa. Ku ci gaba, ina saurare.

Maryam: Malam Sani, ina da tambaya a kan −9 ɗin can. Mu ɗalibai an ce mana a bafa 7 dole mita ta nuna sifili. Shi ba matsala ba ne?

Malam Sani: Ba matsala ba ne, Maryam. An ƙera ilektirod ɗin yadda ruwan da ke cikin ƙwan gilashin yake kusa da pH 7, to idan waje ma 7 ne sai ɓangarorin biyu su yi kunnen doki, a sami sifili. Wannan a takarda ke nan. A zahiri kowanne yana da ɗan bambancinsa, shi ake kira ofset, kuma cire shi ne aikin bafar farko. Shi ya sa ake farawa da 7: ita take nuna wa mita inda sifilinta yake, ta biyun kuma ta nuna mata gangaren layin. Yawancin masu ƙera su suna yarda da abin da bai wuce 30 mV sama ko ƙasa ba. Na Aminu −9 lafiya lau.

Abin da ya fi lambar kanta amfani shi ne yadda take tafiya. Idan kana rubuta ta kullum, ka ga −9 yau, −11 bayan wata, wannan tsufa ne na al'ada. Idan ta yi tsalle daga −9 zuwa −28 cikin mako guda, kada ka zargi gilashi. Je ka duba ɓangaren rafarans: ruwan KCl ya gurɓata, ko ya sauka, ko 'yar mahaɗar nan ta toshe, wato farin ɗigon tangaran da ke gefen ilektirod sama da ƙwan kaɗan, inda KCl ke tsatsowa ya haɗu da samfuri. Galibi silof yana ba ka labarin gilashi, ofset kuma labarin rafarans. Ba doka ba ce marar togiya, amma tana nuna maka inda za ka fara duba.

Maryam: Na gode Malam. To idan silof ya wuce 100 fa? Tamu ta taɓa nuna 103%, muka ɗauka ƙarin kyau ne.

Hajiya Binta: Ƙanwata, babu ilektirod ɗin da ya fi ƙa'idar Nernst ƙoƙari, wato ƙa'idar da ke ba da cikakken silof. 101 ko 102 ana iya gani saboda ɗan kuskuren awo, amma da zarar ya wuce haka, wani abu aka faɗa wa mitar wanda ba gaskiya ba. Na farkon da za ki duba zafi ne. Idan mitarku ba ta da sandar auna zafi, da hannu ake shigar da shi, to akwai yiwuwar tun ranar da aka kunna ta tana kan 25 °C ba wanda ya taɓa. A watan Afrilu ɗakin da ba na'urar sanyaya iska yana iya kai 35 °C. Cikakken ilektirod zai ba da 61.14, mita ta raba da 59.16, ga 103% nan ta fito. Haɗarin shi ne wannan ƙarin kashi ukun yana ɓoye tsufa: wanda ainihinsa 93% ne zai fito kamar 96%, a ce ya wuce.

Bashir: Shi ya sa nake cewa a sayi mai ATC, wato mai auna zafi da kanta, a huta, tana gyara komai na zafi.

Hajiya Binta: Ba komai ba. Tana gyara silof ɗin ilektirod ya dace da zafin da ake ciki, kuma lokacin saiti tana ɗauko ƙimar bafa daga jadawalin da ke cikinta. Amma samfurinka ba ta san shi ba. Ruwan da ka auna a 35 °C, pH ɗinsa na 35 °C ta ba ka, ba ta mayar maka da shi na 25 ba. Saboda haka a rubuta zafi kusa da kowane sakamako. Sannan sandar zafin dole ta shiga cikin bika tare da ilektirod. In tana rataye a iska, bafar kuma yanzu aka fito da ita daga firji, ATC ɗin ce ma za ta ɓata lissafin.

Usman: Bari in ƙara wani tarko da bai zo a maganar ba, domin shi ba ya ko nuna alama. Garin bafa na 'yan leda da ake sayarwa tare da ƙananan mitoci, wanda ake narkarwa a ruwa 250 ml, sau da yawa 4.01 da 6.86 da 9.18 ne, ba 7 da 10 ba. Mitoci da yawa suna da zaɓin rukunin bafa a cikin saitinsu, wasu suna rubuta USA da NIST. Idan tana kan rukunin 7.00 ka tsoma ta a 6.86, tana iya karɓa ta ce 7.00 ce tunda sun yi kusa. A 25 °C ilektirod marar aibi zai ba da +8 mV a 6.86, da +177 a 4.01. Mita ta raba bambancin da 2.99 maimakon 2.85, silof ya fito kusan 95%, ofset +8. Duka biyun sun shiga cikin iyaka, ba wata ƙara da za ta yi. Amma duk abin da ka auna kusa da 7 ta ɗora masa 0.14.

Malam Sani: Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa saiti ba ya cika sai an tabbatar. Bayan ka gama da bafa biyu, koma yanayin awo ka karanta wata bafa ta uku kamar samfuri ce, wadda ba ka yi saitin da ita ba. In ta kauce fiye da 0.05 daga abin da ke jikin kwalba a wannan zafin, kada ka fara aiki. Sake karanta bafar da ka yi saiti da ita ba ya kama irin wannan kuskuren, mita za ta maimaita maka abin da ka koya mata ne kawai.

Aminu: Na aro sabuwar bafa 10 daga lab ɗin da ke kusa da mu, a gabana aka fasa murfin. Zafi yana nan 30 °C. Bafa 7 ta sake ba da −9, sabuwar 10 ta ba da −183 mV. Na yi CAL, silof 97.1%. Na karanta bafa 4 a matsayin samfuri, 3.99. Allah ya saka da alheri, na fasa rubuta takardar. Sai dai abu ɗaya: lambar tana daɗewa kafin ta tsaya, a bafa 10 ta kusa minti biyu tana rarrafe.

Malam Sani: Alhamdu lillahi. Amma minti biyu ya yi yawa, kada ka bar shi haka. Silof mai kyau ba ya nufin komai lafiya, domin a ƙarshen jira ake lissafa shi, ba ya gaya maka tsawon jiran. Mai ƙoshin lafiya in ka ɗauke shi daga wata bafa zuwa wata, cikin daƙiƙa 30 ya kamata ya kusa tsayawa. Amsa mini: ƙaramin ramin da ake zuba KCl ta gefen sama, a buɗe yake lokacin awo? Ina ruwan ya tsaya a ciki? Kuma a cikin me yake kwana?

Aminu: Ramin a toshe yake da robarsa, ban taɓa buɗewa ba. Ruwan ya sauka kusan rabi. Yana kwana cikin ruwan distil, haka na tarar ana yi.

Hajiya Binta: To ga dalilai uku a jere. Ruwan distil na ɗauraya ne, ba na kwana ba. Yana zuƙe KCl daga mahaɗa, yana kuma raunana siririyar fatar da ke jikin ƙwan gilashin, wadda ita ce take jin pH. Ramin kuma idan a toshe yake, KCl ba ya iya tsatsowa waje yadda ya kamata, kamar ka toshe bakin buta da yatsa. Buɗe shi lokacin aiki, rufe shi idan ka tashi. Cika ruwan ya kusa ramin, ya kasance koyaushe ya ɗara saman samfurin da aƙalla santimita biyu, in ba haka ba samfurin ne zai riƙa shiga ciki.

Ga abin da za ka yi. Zuƙe tsohon ruwan da sirinji, ka zuba sabo. Yawanci 3 M KCl ne, giram 22.4 a narkar a cika zuwa 100 ml, amma duba littafin ilektirod ɗin tukuna, wasu nasu da AgCl a ciki. Kaɗa shi ƙasa kamar yadda ake kaɗa tamomita don kumfar iskar da ta maƙale a ƙwan ta hau sama. Ka bar shi ya kwana cikin ruwan ajiya, in babu to 3 M KCl ɗin, gobe ka sake saiti ka auna lokaci da agogo. Kuma idan ka ɗauraye, ɗiga tisu a kai ya tsotse ruwan, kada ka goge. Gugar tana tara caji a gilashin, lambar ta yi ta yawo.

Usman: In bai gyaru ba ya jiƙa shi cikin 0.1 M HCl na kamar minti 15, ruwan burtsatse yana barin farin ƙanzo. Ga gwajin mahaɗa mai sauƙi kuma: karanta bafa 7 kana juya ta a hankali, sannan ka tsayar. In lambar ta yi tsalle sosai tsakanin biyun, mahaɗar ce. In kuwa ka ga ta yi baƙi, wannan sulfaid ne ya haɗu da azurfa, HCl kaɗai ba ya cire shi, sai ruwan wanki mai tayoyuriya. A kula da murfin ajiya ma idan hunturu ya shigo, ruwan cikinsa yana ƙafewa da wuri, a wayi gari ƙwan ya bushe da farin gishiri a jiki.

Maryam: To yaushe ne za a ce ya mutu da gaske?

Malam Sani: Idan da sababbin bafofi, da zafi daidai, bayan wanki da sabon KCl da jiƙon kwana, silof yana ƙasa da 90 a ɓangarorin biyu, ko ofset ya ƙi dawowa cikin 30 mV. Akwai kuma mutuwar farat ɗaya: ka sa shi a 4, ka sa shi a 7, ka sa a 10, mV ɗin kusan ɗaya. Wannan gilashin ya tsage ko da ido bai gani ba, ko kuma ruwa ya shiga filogin BNC da ke haɗa wayar ilektirod da mita. Busar da filogin ka sake gwadawa kafin ka yar.

Hajiya Binta: Nan na ɗan saɓa da Malam. Ni ba zan jira 90 ba. Lab ɗin da yake ba da takardar sakamako, in littafin aikinsa ya ce 95, to 94 ya fita, ko da yana iya aiki.

Malam Sani: Don takarda na yarda, Hajiya. Amma tsakanin 90 da 95, in yana tsayawa da sauri kuma bafa ta uku ta fito daidai, awonsa ingantacce ne, mitar ta riga ta rama ragin silof ɗin. Sai dai a riƙa saita shi kullum, a kuma yi odar sabo.

Hajiya Binta: Ramawar tana aiki ne in ragin ya tsaya wuri ɗaya. Wanda ya fara gangarowa ba ya zama inda ka bar shi da safe.

Aminu: Na yi duk abin da aka ce, ya kwana a KCl. Yau ofset −6, silof 97.8%, a bafa 10 daƙiƙa 25 ya tsaya. Amma an kawo mana ruwan leda daga wani mai tacewa, a cikinsa lambar ba ta tsayawa sam, ta fara daga 6.9 tana ta sauka a hankali. A bafa kuwa lafiya lau.

Usman: Wannan ba laifin saiti ba ne. Ruwan da aka tace sosai ba shi da gishirin da zai ɗauki lantarki, kuma yana shan CO2 daga iska tun kana kallonsa. Cika ƙaramar kwalba mai ƙaramin baki har wuya, ka rage juyawa, ka ɗauraye ilektirod da samfurin kansa sau biyu kafin awo. Wasu suna ɗiga masa KCl kaɗan, lambar takan tsaya nan take.

Hajiya Binta: Takan tsaya, amma ka taɓa samfurin ke nan, kuma in KCl ɗin ba tsantsa ba ne shi ma zai motsa pH ɗin. Aminu, kada ka ɗiga komai sai in hanyar gwajin da lab ɗinku ke bi ta rubuta haka. Auna mana kondaktibitin ruwan tukuna, wato yadda yake ɗaukar lantarki, ka faɗi lambar da ka samu.